LADABIN OFIS GA ƊALIBI MAI KOYON AIKI

Kowace shekara, in lokacin ya zo, sai ka ga samari da 'yan mata sun cika ƙofofin ma'aikatu, kowa riƙe da takarda daga makarantarsa, ana roƙon a karɓe shi ya koyi aiki. Waɗannan su ne ɗaliban shirin nan da a ke kira SIWES, wanda yara su kansu ke ce wa Ai-Ti. Hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971, mai babban ofishi a Jos, ita ce ta ƙirƙiro shi a 1973, domin ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa kafin ya gama karatu. Ɗalibin kwalejin fasaha ya kan yi wata huɗu bayan shekararsa ta farko, na jami'a kuwa ya kan yi wata shida.

To, ku malaman makaranta ku ne ke sallamar waɗannan yara, ku akawuna kuwa ku ne ke karɓarsu. Saboda haka maganar nan da ku a ke yi, ko da ya ke a kan yaran za a yi ta. Abin nan ba sabo ba ne a ƙasarmu. Tun zamanin En'e, kafin gyaran mulki na 1976 ya maye gurbinta da ƙananan hukumomi, makarantar koyon aikin akawu ta Zariya ta yi ta horar da samari, har ta zama Makarantar Koyon Aikin Mulki a 1954, aka haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Waɗanda suka fito daga can sun san abu guda, wanda ɗaliban yanzu da yawa ba a gaya musu ba. Abin nan shi ne, tufafi da zuwa kan lokaci da ladabi ba ado ba ne da a ke ƙara wa aiki bayan an iya shi. Su ne abin da babba ke dubawa kafin ya yarda ya sa takarda a hannun yaro, domin a makon farko ba shi da wani abin da zai auna shi da shi sai su.

Domin kada maganar ta watse, bari mu tsaya a wuri ɗaya, watau ofishin rajista na wata ma'aikatar gwamnati, ɗakin nan da a ke karɓar wasiƙu a ke ajiye fayil. Nan ne a kan fara tura yawancin masu koyon aikin ofis, nan ne kuma halin yaro ke saurin bayyana.

ABIN DA ZAI SA A JIKINSA

Mutumin da ya shigo ma'aikata da buƙata, tsohon malami mai bin kuɗin sallamarsa, ko matar da mijinta ya rasu ta zo bin haƙƙinsa, bai san wane ne ma'aikaci wane ne ɗalibi ba. Duk wanda ya gani zaune bayan tebur, a wurinsa shi ne gwamnati. Wannan shi ne dalilin da ya sa a ke maganar tufafi tun ranar farko. Yaron ba kansa kaɗai ya ke wakilta ba.

Ga namiji, hanya biyu ce, kowace ta yi. Ko dai ya sa kaftani da wando na yadi mai launi ɗaya, da hula, ko kuwa ya sa shat mai dogon hannu, ya cusa ta cikin wando mai duhu, ya ɗaura bel. In ya ɗauki ta farko, to, hula ba abin da a ke bari a gida ba ne, domin a ƙasar Hausa kaftani ba hula rabin shiga ne a idon manya. Babbar riga kuwa ya ajiye ta sai ranar Salla. Ba don ba ta da kyau ba, sai don dalili biyu. Na ɗaya, aikin rajista aikin hawa kujera ne a sauko da fayil daga saman kanta, da sunkuyawa a ɗauko na ƙasa, hannun babbar riga kuwa sai ya kwashi ƙura, ya share takardu daga tebur. Na biyu, ba ya kyautuwa yaro ya fi darakta shiga, har baƙo ya wuce mai ofis ya zo ya gai da ɗalibi.

Ga mace, atamfa ko leshi maras ƙyalli da mayafi, ko doguwar riga da hijabi, ko siket mai tsawo da riga mai hannu, duk sun yi, muddin ba su matse ba, ba su kuma jan ƙasa. Ta rage awarwaro masu ƙara, ta bar takalmi mai tsinin dunduniya, domin mai kai fayil ya kan hau bene ya sauko fiye da sau goma a yini. Turare, na mace da na namiji, ya zama kaɗan. Ɗakin rajista sau da yawa ƙarami ne, tagoginsa a toshe da kanta, abin da ya yi daɗi a ɗakin amarya nan ciwon kai ya ke sa wa.

Inda yara suka fi faɗuwa shi ne ƙafa. Ka ga yaro ya sha guga tun daga wuya har idon sawu, sa'an nan ya ƙarasa da silifas na wanka. Takalmi rufaffe, ko sandal na fata mai maɗauri, shi ne na ofis. Haka kuma rigar 'yan ƙwallo, da wandon jins mai yage-yage, da abin sauraron kiɗa a kunne, duk na wani wuri ne.

Kada wani ya ce wannan magana ta masu kuɗi ce. Kaya kala uku sun isa mako: a sa na ɗaya Litinin, na biyu Talata, na uku Laraba, a wanke biyun farko ranar Laraba da yamma, su ne na Alhamis da Jumma'a. Da ya ke wuta ba ta da alkawari, duk lokacin da aka kawo ta a goge kayan gaba ɗaya, ko a nemi dutsen guga na gawayi. Ba wanda ke ƙirga wa ɗalibi yawan rigunansa, amma kowa na ganin wuyan riga mai dauɗa. In kuma ma'aikatar ta ba shi katin shaida, ya rataya shi inda a ke gani, domin shi ne ke hana mai gadi tsare shi a ƙofa kullum safiya.

LISSAFIN LOKACI

A ma'aikatun gwamnatin tarayya aiki na farawa ƙarfe 8 na safe, a tashi ƙarfe 4 na yamma, Litinin zuwa Jumma'a. Jihohi da kamfanoni kowa da nasa tsari, musamman game da ranar Jumma'a, saboda haka tambayar farko da ɗalibi zai yi ita ce lokacin zuwa da na tashi a wannan ofis ɗin. Amma fa ƙarfe 8 ba lokacin shigowa ƙofar ma'aikata ba ne, lokacin da za a same shi a mazauninsa ne.

Yawancin masu makara ba ragwaye ba ne, lissafi ne suka yi daga gaba maimakon su yi shi daga baya. Yaro ya kan ce, tafiyar minti 40 ce, in na fita ƙarfe 7 da minti 20 na isa. Ga yadda ya kamata ya lissafa. Yana so ya zauna ƙarfe 7 da minti 45. Daga inda mota ke sauke shi zuwa ɗakinsu, da gaisuwar ƙofa da sa hannu, minti 10. Tafiyar kanta minti 40. Jiran abin hawa, da jiran ya cika, minti 20. In ya cire waɗannan duka, sai ya ga ashe ƙarfe 6 da minti 35 ya kamata ya bar gida, ba 7 da minti 20 ba. Da damina kuwa ya ƙara wani abu a kai, domin ranar da hadari ya haɗu da asuba abin hawa ya kan yi wuya. Kyakkyawar dabara ita ce ya gwada hanyar sau ɗaya da safe, a ranar aiki, kafin ranar da zai fara.

A ofisoshi da yawa akwai littafin sa hannu a bakin ƙofa, kowa ya rubuta sunansa da lokacin da ya zo. In lokaci ya wuce sai a ja layi a ƙarƙashin sunan ƙarshe, duk wanda ya rubuta bayan layin ya makara. Waɗansu wurare yanzu na'urar dangwala yatsa ce ke wannan aiki. Laifi biyu ne ke jiran ɗalibi a bakin littafin nan. Ɗaya, ya zo ƙarfe 8 da rabi ya rubuta 8. Ɗaya kuma, abokinsa ya bugo masa waya ya ce ya sa masa hannu. Makara aibi ce, amma waɗannan biyu ƙarya ce a cikin littafin gwamnati, kuma ba ta ɓoyuwa, domin wanda ya sa hannu kafinsa ya rubuta 8 da minti 25, ga rubutun hannu kuma iri ɗaya a layi biyu. Shugaban rajista da ya kama yaro da ƙarya a kan minti 30, yaya za a yi ya yarda da shi a kan lambar shafi?

Wani zai ce, minti 15 mene ne? To, a lissafa. Wata huɗu mako 16 ne, kwanakin aiki 80 ke nan. Minti 15 sau 80 ya zama awa 20, watau yinin aiki biyu da rabi. Amma asarar ta wuce wannan, domin awar farko ita ce makarantar rajista. A lokacin ne a ke buɗe wasiƙu, a buga musu hatimin ranar karɓa, a shigar da su littafi, a nemo fayil ɗin kowace. Wanda ya zo bayan an gama wannan, sai ya tarar ba abin da ya rage masa sai zama da aike, ya gama wata huɗu bai san yadda takarda ke shiga ma'aikata ba.

In wani uzuri ya taso, ciwo ko rasuwa, ya sanar da mai kula da shi kafin ƙarfe 8, ba bayan an neme shi ba. Fita da rana ma haka. Ba mai hana shi salla, amma ya ce, "Ranka ya daɗe, zan je masallaci," ya je ya dawo. Azahar da ta ɗauki awa biyu, kowa ya san ba salla kaɗai aka yi ba. Ko da zai ga manyan ma'aikata suna zuwa ƙarfe 10, kada ya ɗauke su abin koyi. Su an riga an san su, shi kuwa yanzu a ke rubuta labarinsa.

GAISUWA DA SANIN MATSAYI

Yaron da aka haifa a gidan Hausawa ba a koya masa gaisuwa. Abin da zai koya shi ne gaisuwar ofis gajera ce. A gida a kan tambayi kwana da gajiya da iyali da sanyi, a ofis kuwa in ya ce, "Ranka ya daɗe, barka da asuba," ya rusuna kaɗan, ya isa, sai in babban ne ya ja zancen. Ba shi ne zai fara miƙa wa babba hannu ba. Darakta da Babban Sakatare "Ranka ya daɗe" ne ko "Yallaɓai", mace babba "Ranki ya daɗe" ko "Hajiya", sauran ma'aikata "Malam" da "Malama". Wanda ba Bahaushe ba, ya saurari yadda 'yan ofis ke kiransa ya bi, kada ya kira kowa da sunansa tsirara.

Wanda yara suka fi rainawa, shi ne ya fi kowa yi musu amfani, watau masinja. Dattijon nan da ya shekara 20 yana ɗaukar fayil daga ɗaki zuwa ɗaki ya san wane tebur ne takarda ke kwana a kai, ya san lokacin da a ke shiga wurin darakta da lokacin da ba a shiga. Ɗalibin da ya ce masa "Baba", ya gaishe shi kamar yadda ya gai da darakta, ya sami malami kyauta. Wanda ya aike shi sayen ruwa don yana ganin shi ɗan jami'a ne, zai daɗe yana neman fayil.

Ba a faɗa wa ofishin babba kai tsaye. In akwai sakatare a ƙofa, ta wurinsa a ke bi. In babu, a ƙwanƙwasa, a yi sallama, a jira izini. In an shiga an tarar yana waya ko yana da baƙo, a ajiye abin da aka kawo a tiren da aka tanada, a fita. Ba a zama sai an ce a zauna. Haka kuma magana tana da matakala. Ɗalibi yana da mutum ɗaya da aka ɗora masa, ta wurinsa kukansa da tambayarsa za su bi. Ko da Babban Sakatare abokin mahaifinsa ne, ko shi ne ma ya samo masa gurbin, ya bar wannan zumunci a gida. Ran da ya tsallake shugabansa ya kai ƙara sama, ran nan ya rufe wa kansa ƙofar koyo.

LABARIN FAYIL DA YA ƁATA

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona a wata ma'aikata, domin ya tattara dukan abin da mu ke faɗa. An kawo wani yaro mai hankali, mai tsabta, wanda bai taɓa makara ba. A mako na biyu, wata Laraba, ma'aikatan rajista suka fita salla suka bar shi shi kaɗai. Sai ga wani jami'i daga sashen kuɗi ya leƙo, ya faɗi lambar wani fayil, ya ce a ba shi yanzu yanzu, zai duba abu ɗaya ya dawo da shi. Yaro ya ga babba ne, ya ga kuma ladabi shi ne ya yi sauri. Ya hau ya sauko da fayil, ya miƙa da hannu biyu. Jami'i ya yi godiya ya tafi.

To, ga abin da ya tsallake. Fayil ba ya fita daga rajista sai an yi abu uku. A rubuta a bangonsa sunan ofishin da za shi da kwanan wata. A shigar da shi littafin fitar fayil, ko a cika katinsa, domin wanda ya zo nema ya san inda ya ke. Sa'an nan wanda ya karɓa ya sa hannu. Dukan wannan bai fi aikin minti 2 ba. Yaron ya ga ana yi, amma ya ji nauyin ya ce wa babba ya dakata.

Fayil ɗin na wani tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, ana shirya takardun kuɗin sallamarsa. Jami'in ya duba abin da zai duba, aka kira shi taro, ya jefa fayil a aljihun tebur ya kulle, kashegari ya yi tafiya. Ranar Jumma'a darakta ya nemi fayil domin a sa sunan mutumin cikin jerin waɗanda za a tura a biya. Littafi ya nuna fayil yana rajista, kanta kuwa ta ce babu. Aka sauke fayil ɗari da wani abu ana dubawa ko an sa shi a gurbin wani. Yaro yana tsaye yana taya su nema, cikinsa ya ɗuri ruwa, ya kasa buɗe baki. Wannan shi ne kuskurensa na biyu, kuma ya fi na farko girma. Sai ranar Litinin ya je ya sami Baba masinja a gefe ya gaya masa. Kafin a sami mabuɗin teburin, jerin ya riga ya tafi. Dattijon nan da ya yi ta biyan kuɗin mota daga ƙauyensu, aka ce masa ya jira zagaye na gaba.

Shugaban rajista bai yi wa yaron tsawa ba. Ya zaunar da shi ya ce, "Ɗana, a nan ladabi ba shi ne ka ba babba abin da ya ce da sauri ba. Ladabi shi ne ka ce, ranka ya daɗe, ga littafi a sa mini hannu. Babban da ya san aiki ba zai ji haushi ba, wanda ya ji haushi kuwa, da ma shi ne littafin ke tsaro. Kuma da ka faɗa mini ranar Jumma'a da safe, da waya ɗaya ta ishe mu."

Ku duba fa, yaron nan bai saci kome ba, bai yi rashin kunya ba. Kunyar ce ma ta kai shi. Abin da a ke koya wa yaro a gida, kada ya musa wa babba, abu ne mai kyau, amma a ofis dole a ƙara masa da cewa ƙa'ida tana gaba da kowa, kuma kuskuren da aka faɗa da wuri rabin gyara ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

HANNU DA BAKI

Daga wannan labari sauran ƙa'idodin ke fitowa. Kowace takarda a cikin fayil tana da lambar shafi, bi da bi. Ɗalibi ba ya cire takarda, ba ya sake jera su, ba ya goge lamba. In ya ga shafi na 46 ya bi na 44, ya nuna wa shugabansa nan take, kada ranar da aka gano a ce a hannunsa ya ɓace. Ba ya rubutu a fayil sai an sa shi, in an sa shi kuma da shuɗin biro ko baƙi, domin a yawancin ofisoshin gwamnati kore da ja an bar wa manya da masu binciken kuɗi. Zai riƙa ganin waɗansu haruffa da manya ke rubutawa. B.U. da kwanan wata, ma'anarsa a sake kawo fayil ɗin a wannan rana. K.I.V. ma'anarsa a sa ido a kan maganar, ba a gama da ita ba. P.A. ma'anarsa an gama, a mayar ma'ajiya. In bai gane ba ya tambaya, domin wanda ya ɗauki B.U. a kan P.A. ya binne maganar wani da ranta. Matambayi ba ya ɓata. Amma ya riƙe ɗan littafi a aljihu ya rubuta amsar, domin tambaya ɗaya sau uku ita ma gajiyarwa ce.

Sai kuma baki. A rajista yaro zai ga albashin mutane, da takardar tuhumar da aka ba wani, da rahoton likita na wani. Zai yiwu ma ya ga fayil ɗin maƙwabcinsu. Abin da ido ya gani a nan, a nan ya ke kwana. Akwai Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 wadda ta hana fitar da takardun asiri. Gaskiya ne akwai kuma Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011, wadda ta ba jama'a ikon neman bayani daga hukuma, amma wannan ta hanyar rubuta takarda ne, hukuma ta amsa, ba ta bakin ɗalibi a majalisar shayi ba. Ma'aikatu su kan raba rajista biyu, ta fili da ta asiri. Ta asirin, in ba a kira shi ba, ko leƙawa kada ya yi.

Wayar hannu ta sa wannan laifi ya yi sauƙi fiye da dā. Yaro ya kan ɗauki hoton kansa a bakin tebur don ya nuna wa abokai ya fara aiki, bai lura ba takardar wani na buɗe a gabansa, ana iya karanta ta. Saboda haka ba a ɗaukar hoto a rajista sam. Waya ta zauna a aljihu, a kashe ƙararta, in kira ya zama dole a fita waje a amsa.

Akwai kuma na goro. Mai bin fayil da ya gaji ya kan dunƙule 'yan kuɗi ya tura wa yaro, ya ce a taimaka a ɗaga masa takardarsa. Ɗalibi ba shi da albashi, jarabar kuwa mai ƙarfi ce. Amma wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Gobe mutumin zai dawo ya ce a nuna masa abin da darakta ya rubuta, ba kuwa bakin da zai ƙi. Amsar ita ce, "Baba, na gode, ni ɗalibi ne, bari in kai ka wurin mai aikin." Da wannan ya girmama dattijo, ya kuma tsare kansa.

LITTAFIN DA ZAI KOMA DA SHI

Kowane ɗalibin SIWES yana da littafin da zai riƙa rubuta aikin da ya yi kowace rana. Ƙarshen mako mai kula da shi a ofis ya duba ya sa hannu, malami kuma ya kan zo daga makarantarsa ya duba shi a bakin aiki, wani lokaci ba tare da sanarwa ba. Ya riƙa cika shi kullum kafin a tashi, da abin da ya yi na gaskiya. "Na shigar da wasiƙa 14 a littafin karɓa, na koyi buɗe sabon fayil" ya fi "na yi aikin ofis" nesa ba kusa ba. Wanda ya bari sai makon ƙarshe ya zauna ya cika na wata huɗu da biro ɗaya a dare ɗaya, duk malamin da ya saba zai gane.

A nan ne nauyi ya dawo kanku. Malami, kafin ka sallami ɗalibanka, ka ba su awa ɗaya ka gaya musu waɗannan abubuwa filla-filla, kada ka tsaya ga cewa su yi ladabi, domin yaron da na ba ku labarinsa ladabi ya yi. Kai kuma akawu, ranar da aka kawo maka yaro, ka nuna masa littafin sa hannu da na fitar fayil, ka gaya masa wanda zai riƙa tambaya, ka ba shi izini a fili ya ce wa ko wane ne a sa masa hannu. Kada ka mai da shi ɗan aiken sayen abinci, kada kuma ka sa hannu a littafinsa ba ka karanta ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, kuma wata rana fayil ɗin sallamarka a hannun irin waɗannan yara zai faɗa.

Allah ya sa mu dace, amin.